Wasiƙar mayar da kuɗin ajiya: me mai gida zai cire, me zai bari

A manyan biranenmu, musamman Abuja da Kaduna da sababbin unguwannin Kano, ɗan haya ba ya karɓar makulli sai ya ajiye wani kuɗi bayan kuɗin haya da ladan dillali. Dillalai suna kiransa koshin, kuma sau da yawa sukan yanka shi kashi goma cikin ɗari na hayar shekara. An ce ana riƙe shi ne don gyara abin da ɗan haya zai lalata. Sai dai ranar tashi, abin da mutane da yawa suke samu shi ne magana ɗaya ta waya: "Ai kuɗinka sun tafi a fenti." Ba takarda, ba rasit, ba lissafi. Mutum ya haɗiye, ya kwashe kayansa, ya tafi da zuciya a cushe.

Kuɗin nan ba na mai gida ba ne. Na ɗan haya ne, an damƙa wa mai gida ya riƙe. Saboda haka wanda zai taɓa shi shi ne zai kawo hujja, kuma hanyar kawo hujjar ita ce wasiƙa mai ɗauke da jerin abin da aka gyara, ko nawa kowanne ya ci, da abin da ya rage. A wasu wurare doka ce ta tilasta hakan. A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai gida yana da kwana 21 bayan tashin ɗan haya ya aika da wannan lissafi tare da ragowar kuɗin, kuma idan abin da ya cire ya haura dala 125 sai ya haɗa da rasitai. A Ingila tun 2007 ma ba a barin kuɗin a hannun mai gida haka kawai, sai ya yi musu rajista a ɗaya daga cikin tsare-tsaren da gwamnati ta amince da su. A nan gida, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce mai gida ya ba da rasit na daban kan irin wannan kuɗi, ya kuma riƙa ba ɗan haya bayani a rubuce kan yadda aka kashe su. Mu ma a fiƙihu ba baƙon zance ba ne: abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci.

Wannan ƙa'ida ta fiƙihu ita ce zuciyar wasiƙar baki ɗaya, domin ta raba abu biyu da masu gidaje suke yawan cakuɗawa, wato tsufa da ɓarna. Fenti yana dusashewa, ƙurar hunturu tana cin ragar taga, robar cikin famfo tana saki, bayan kujera yana barin ɗan duhu a bango. Duk wannan tsufa ne, kuma kuɗin hayar da ake karɓa duk shekara shi ne ladansa. Wanda ya sake cire shi daga kuɗin ajiya ya karɓi kuɗin abu ɗaya sau biyu. Ɓarna kuwa ita ce abin da ba zai faru ba da an zauna zama irin na kowa: tangaran da aka fasa, ƙofar da aka ɓalle da ƙarfi, bangon da aka huda don saka iyakwandishan aka bar ramin a buɗe.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na sa don a ga yadda lissafin yake tafiya, tunda farashin kaya yana canzawa. Wani magidanci ya kama gida mai ɗaki biyu da falo a kan naira 1,500,000 a shekara, ya ajiye naira 150,000. Ya zauna shekara uku, ya ba da sanarwa, ya tashi. Mai gida ya zagaya gidan tare da shi ranar miƙa makulli, suka ɗauki hotuna, bayan mako biyu ya aiko masa da wasiƙa.

Wasiƙar ta fara da abin da ba a jayayya a kansa: adireshin gidan, ranar shiga, ranar fita, adadin kuɗin da aka ajiye da lambar rasitinsu. Sannan ta shiga jeri. Tangaran ɗin wanke hannu na banɗakin babban ɗaki ya tsage daga baki har wajen magudana. Sabo naira 28,000, aikin filamba 7,000, jimla 35,000. Gilasan taga guda huɗu sun fashe a kicin, kowanne 1,500, jimla 6,000. An ba da makullan ƙofar shiga uku, ɗaya ne ya dawo, don haka aka canza kan makullin a kan 9,000. Sai bangon ɗakin yara, wanda aka cika da zanen biro daga ƙasa har iya tsawon hannun yaro. Mai fenti ya karɓi 40,000, amma wasiƙar ta cire 10,000 kawai. Duka an cire naira 60,000, an tura ragowar 90,000 a asusun ɗan haya, an rubuta ranar turawa, an liƙa kwafin rasitai da hotuna.

A kan fentin nan ya kamata a tsaya, don a nan ake gane mai gida mai adalci. Zanen biro ɓarna ce, ba shakka. To me ya sa ba a cire 40,000 ɗin gaba ɗaya ba? Saboda fentin da yaron ya ɓata ba sabo ba ne. An shafa shi dab da shigarsu, kuma mai gidan ya saba sabunta fenti duk bayan shekara huɗu. Shekara uku sun riga sun wuce, an kuma biya hayarsu. Abin da aka yi masa asara shekara ɗaya ce cikin huɗu, wato rubu'in kuɗin. Da ya cire duka, da ya sami ɗaki mai sabon fenti da kuɗin wani, alhali ko ba zane baɗi zai kira mai fenti da kuɗin aljihunsa. Masu sasanta rigimar haya a Ingila a kan wannan hanyar suke tafiya, ba su yarda mai gida ya fita da abin da ya fi wanda ya bayar ba. Tangaran kuwa yana iya yin shekaru masu yawa bai nuna gajiya ba, kuma wannan an sa shi ne da aka gina gidan ba da daɗewa ba, shi ya sa ɗora kuɗinsa kacokan a kan wanda ya fasa bai zama zalunci ba. Da tsohon tangaran ne mai tsatsa a famfo, da sai a rage.

Akwai layi ɗaya a wasiƙar da na fi so, shi ne na abin da ba a cire ba. Silin ɗin falo ya yi tabo ya ɗan sako a kusurwa. Mai gidan ya rubuta cewa wannan daga yoyon kwano ne, cewa ɗan haya ya turo masa saƙo tun daminar bara, kuma gyaran yana wuyansa. Layin bai ƙara ko rage sisi ba, amma ya nuna wa mai karantawa cewa wanda ya rubuta ya duba kowane lahani ya tambayi kansa wa ya jawo shi. Wanda ya ga haka da wuya ya yi gardama a kan gilasan taga.

Yoyo ne ma yake haifar da shari'ar da ta fi wuya. A ce bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke ne ya riƙa ɗiga, har katakon kabad ya ruɓe. Bututu ya saki don kansa, wannan tsufa ne, na mai gida. Amma idan ɗan haya ya ga ɗigar wata shida ya sa roba yana tarewa bai faɗa wa kowa ba, ruɓewar katakon ta shiga babin sakaci. Gyaran da zai ci kuɗin roba ɗaya ya koma aikin kafinta. A irin wannan, adalci shi ne mai gida ya ɗauki bututu, ɗan haya ya ɗauki katako ko wani kaso nasa. Abin da zai raba gardamar shi ne ko an sanar, da kuma yaushe. Shi ya sa nake ganin duk ɗan haya ya riƙa sanar da lahani a rubuce, ko da saƙon waya ne, ko da kuwa mai gidan kamar uba yake a wurinsa. Ana iya cewa, "Baba, na turo ne don kada a manta," ba raini a ciki.

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan abu guda da yawancinmu ba ma yi: duba gida tare ranar shiga. Idan ba hoton tangaran yana lafiya shekara uku da suka wuce, mai gida ba shi da abin nunawa sa'ad da ɗan haya ya ce a haka ya same shi. Zagayen bai fi minti talatin ba. A shiga ɗaki-ɗaki da waya, a buɗe kowane famfo, a ja ruwan masai, a gwada makunnin wuta, a ƙirga makullai, a ɗauki hoton mita, a rubuta a takarda ɗaya kowa ya sa hannu.

Wasiƙa marar gaskiya tana da alamu, kuma ba su da wuyar ganewa. Za ka ga an rubuta "gyare-gyare" an sa masa kuɗi dunƙule ba a faɗi wane ɗaki ba. Za ka ga alƙaluma sun taru sun cinye kuɗin ajiyar cif, ba ragi ba ƙari, kamar daga jimla aka fara aka koma baya. Za ka ga an yi wa gida fenti ciki da waje, ko an kwashe soka-awe, ko an gyara injin rijiyar burtsatse da duk 'yan haya suke sha, an jibga wa mutum ɗaya. Wani lokaci kuma ana cusa bashin wuta ko ragowar haya a cikin jerin gyara. Idan yarjejeniyar haya ta yarda a cire irin wannan bashi daga kuɗin ajiya, to a cire, amma a rubuta shi a layinsa daban, da watannin da ake bi da takardar kamfanin wuta.

Ɗan hayar da ya karɓi wasiƙa bai gamsu ba, kada ya ce bai yarda da komai ba. Ya mayar da amsa a rubuce, ya amince da layin da yake gaskiya ne, ya ware wanda yake ja a kai, ya faɗi dalili, ya nemi rasit. Ya kuma nemi a turo masa abin da ba a jayayya a kansa nan take, domin gardama a kan naira 10,000 ta fenti ba hujja ba ce ta riƙe 90,000. Idan an kasa daidaitawa, akwai dillalin da ya haɗa su, akwai mai unguwa, kuma a Legas da Kano akwai kotunan ƙananan basussuka da mutum zai iya shigar da ƙara ba tare da lauya ba. Duk wanda aka je gabansa cikin waɗannan, abin da zai fara tambaya shi ne rasitin kuɗin ajiya, takardar yarjejeniya, da hotunan ranar shiga da na ranar fita.