Saƙon Godiya Bayan Gangamin Ba da Jini

Saƙon godiya da ake fitarwa bayan gangamin ba da gudummawar jini, irin wanda ake yi ranar 14 ga Yuni, Ranar Masu Ba da Jini ta Duniya, rahoto ne kafin ya zama yabo. Yana farawa da sakamako, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Yawan waɗanda suka halarta daban, yawan ledojin jinin da aka samu daban, domin akan mayar da wasu bayan awon nauyi da gwajin ƙarfin jini. Idan mutum 80 suka zo, aka ɗebi jinin 55, to 55 ake rubutawa, tare da bayanin dalilin ragowar. Kowace leda takan ɗauki kimanin mililita 450.

Masu ɗaukar nauyi kuwa, ana ambaton kowa da abin da ya bayar: wane ya kawo rumfa, wane lemo da ruwa. Godiyar jimla takan sa mai ƙaramar gudummawa ya ji an manta da shi. Ba a bayyana sunan wanda aka mayar, domin sirrin lafiyarsa ne.

Game da gangami na gaba, ana faɗin wata kawai, sai an tabbatar da wuri a sa rana. Wajibi ne a bar tazarar aƙalla wata uku, lokacin da namiji ke bukata kafin ya sake bayarwa.