Rubutu Ɗaya, Maki Uku: Me Ya Sa Manhajojin Gano Rubutun Na'ura Ke Saɓa wa Juna?

A ƙaddara wata ɗaliba 'yar Karakkai da ke karatu a Gusau ta rubuta aikin aji da Turanci, da hannunta da kanta. Malami ya saka shi a manhajar da ke gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, ta ce kashi 40 cikin ɗari na'ura ce ta rubuta. Wata manhajar ta ce kashi 10. Washegari ta farkon ta dawo ta ce 25. To, wacce ce ta yi ƙarya?

Babu wadda ta ga lokacin da aka yi rubutun, dukkansu kintace suke yi. Kowace an horar da ita da tarin rubutun mutane da na na'urori irin su ChatGPT, sai ta riƙa duba ko kalmomin sun bi hanyar da aka fi tsammani, ko jimlolin sun yi kama da juna a tsayi da tsari. Tarin da aka horar da wannan ba shi ne na waccan ba. Ko ma'anar makin ba ɗaya ba ce: kason manhajar Turnitin na nufin yawan rubutun da ta zarga, na GPTZero kuwa ƙarfin zatonta ne game da takardar baki ɗaya. Tamkar a auna gero da tiya a kasuwar Tsafe, a ɗora shi kan sikeli a Gusau, sannan a yi mamakin lambobin sun bambanta.

Mu koma ga aikin ɗalibar, da lissafi na misali. A ce jimla 20 ne, kuma manhaja na ba kowace maki daga 0 zuwa 1. Goma sha biyu sun samu ƙasa da 0.3, biyu sun haura 0.8, shida kuma suna tsakanin 0.5 da 0.6. Waɗannan shidan su ne tushen rigimar. Manhajar da ta ja iyakarta a 0.5 za ta kama jimla takwas, kashi 40 ke nan. Wadda kamfaninta ke tsoron zargin mai gaskiya, ya ɗaga iyakar zuwa 0.7, biyu kacal za ta kama, kashi 10. Ra'ayinsu kan jimlolin bai yi nisa ba, wurin jan layi ne ya raba su.

Saura na washegari. Galibi idan rubutun bai canja ba, manhajar ma ba a sabunta ta ba, makin kan dawo yadda yake. Sai dai abin da muke kira rubutu ɗaya ba lalle ya shiga iri ɗaya ba. Jiya fayil ɗin Word aka ɗora, yau an kwafo daga PDF, kan magana da lambar shafi da tsinkakkun layuka sun biyo. Turnitin ta bayyana cewa tana yanka takarda gunduwa-gunduwa, kowace jimla biyar zuwa goma, suna hawa kan juna, sannan ta haɗa makin da jimla ta samu a cikinsu. Layi biyu da aka ƙara a sama sun isa su gusar da wuraren yankan. Jimla uku su sauko daga 0.52 zuwa 0.48, sai ya rage saura biyar cikin 20: ga kashi 25 ɗin. Kamfanonin kuma kan sauya manhajar lokaci zuwa lokaci, don haka makin bara ba abin kwatantawa da na bana ba ne.

Ɗalibanmu sun fi faɗawa wannan tsakiyar ta bakin iyaka, domin wanda ya koyi Turanci a aji yakan riƙe kalmomi da jimlolin da ya tabbatar da su. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da rubutu 91 na masu jarrabawar TOEFL, duk na mutane. Guda 89 aƙalla manhaja ɗaya ta zarge su, amma 18 kawai bakwai ɗin suka haɗu a kansu. A watan Yulin shekarar OpenAI ta rufe tata manhajar, wadda ke kama kashi 26 na rubutun na'ura, tana kuma zargin kashi 9 na rubutun mutane. Ita ma Turnitin, daga 2024 alamar tauraro take sakawa a madadin makin da bai kai 20 ba, saboda kuskure ya fi yawa a nan.

A ganina malamin da ya ci karo da irin wannan saɓani kada ya tattara makin ya raba, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ya ɗora fayil guda, a rana guda, ya duba jimlolin da aka shafa wa launi. Idan kowace manhaja wuri daban ta nuna, ko launin ya ƙaura don an cire kan magana, rubutun a bakin iyaka yake. Sai ya kira ɗalibar ta kawo daftarinta na farko, ta yi masa bayanin waɗannan jimlolin da bakinta.