Hira 24, awa 18: da hannu za ka kwafe, ko na'ura za ka ba?

Duk wanda furojet ɗinsa na hira da mutane ne, ranar da ya gama ɗaukar sautin ƙarshe sai ya ji kamar ya sauke kaya. Ni ma haka na ji, sai da na zauna zan mayar da sautin rubutu na gane ashe yanzu aikin ya fara. Nawa furojet ɗin a kan yadda ƙananan 'yan kasuwa ke amfani da POS ne. Na yi hira 24, kowace kusan minti 45. Sha shida da Hausa ne, a cikin kasuwa, da 'yan tireda da masu sayar da hatsi. Takwas kuma da Turanci, a ofis, da ma'aikatan banki da wakilan kamfanonin da ke raba na'urar. In an haɗa, awa 12 ke nan na Hausa da awa 6 na Turanci, jimla awa 18, wato minti 1,080.

Da hannu na fara, don shi na sani. Na sa iyafis, na kunna hira ɗaya, na duba agogo. Minti 10 na sauti ya ci mini awa ɗaya cur. Mutum yana magana da saurin da ya ninka saurin yatsunka sau uku ko huɗu, ga komawa baya don ka ji abin da ya wuce ka, ga laluben ƙ da ɗ da ɓ a allon rubutun da ba a yi don Hausa ba. Ƙwararru sukan ce awa huɗu zuwa shida ake kashewa a kan kowace awa ta sauti, to ni a kan shidan na tsaya. Awa 18 sau shida ta ba da awa 108. In zan iya awa huɗu kullum bayan lacca, kuma wuta ba ta ba ni kunya ba, kwana 27 ke nan ba fashi. Kuɗi ban kashe ba, amma wata guda ya tafi, kuma saura mako bakwai a miƙa aiki.

Na tambayi wani mai shagon buga takardu ko zai yi mini. Ya ce naira 150 kowane minti na sauti. Da na buga lissafi sai ga naira 162,000, na yi masa godiya na fito. Ko da ina da kuɗin ma, sai na sake saurare ina bin rubutunsa, don bai san wanda ke magana ba, bai san batun ba.

Daga nan na koma wajen na'ura. Yawancin manhajojin da ake tallatawa ba su san Hausa ba sam, saboda haka kafin ka biya ko sisi, duba jerin harsunansu. Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya saki a 2022, tana da Hausa a jerinta, kuma kyauta ce in a kwamfutarka za ka girka ta. Umarnin bai fi layi ɗaya ba:

```
whisper hira01.mp3 --language ha --model medium
```

Matsalar ita ce laftof irin namu na ɗalibai, marasa katin hoto mai ƙarfi, kan ɗauki lokacin da ya fi tsawon sautin kansa. Akwai kuma ta intanet da ake biya, a kan dala 0.006 kowane minti. Duka hirarrakina ba za su kai dala bakwai ba, sai kuɗin data. In ka ajiye wannan kusa da 162,000, za ka ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, domin abin da na'ura ta fitar ba shi ne za ka saka a babi na huɗu ba. Sai ka saurara ka gyara, wato ka haɗa hanyoyin biyu, kuma a nan ne ainihin lissafin yake. Kuɗin na'ura kaɗan ne ko yaya aka yi. Abin da ke yanke hukunci shi ne lokacin da gyara zai ci.

Ga yadda na auna. Na yanko minti 10 daga hirar Turanci da minti 10 daga ta Hausa, daga tsakiya, don a farkon hira mutane kan yi magana a natse su ruɗe ka. Na ba na'ura, sannan na ɗauki kalma 200 a kowanne na ƙirga waɗanda ta canza, da waɗanda ta tsallake, da waɗanda ta ƙara daga kanta. A na Turancin na samu 14, wato bakwai cikin ɗari, yawanci sunaye ne da lambobi. Gyaran minti 10 ɗin ya ɗauke ni minti 20. A na Hausan kuwa na samu wajen 90, kusan rabi. Gyaransa ya ci minti 70, ya zarce awa ɗayan da zan yi in na rubuta daga farko. Sharewa da sake rubutawa ya fi rubutu a farar takarda wahala, ga shi idonka yana ja ka ka yarda da abin da ka gani maimakon abin da ka ji.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. An horar da waɗannan manhajoji da sautin Turanci mai ɗimbin yawa, na Hausa kuwa ɗan kaɗan. Sannan ɗan kasuwa ba ya magana kamar mai karanta labarai. Yana cikin Hausa zai jefa kalmar Turanci, janareta na ruri a bayansa, mai ciniki ya katse shi. Da ka gaya wa na'ura harshe ɗaya, sai ta murɗe ɗayan ya dace da shi.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda bai yi kama da kuskure ba. A wata hira mai hatsi ya tashi ya auna wa wata mata gero, aka yi kusan minti ɗaya ba magana, amma na'ura ta cike wurin da jimla ɗaya tana ta maimaitawa. Wannan da sauƙin kamawa. Mai wuyar shi ne inda wani ya ce ba ya karɓar taransifa da yamma, ita kuma ta yar da "ba" ɗin, jimlar ta fito sumul da kishiyar ma'anarsa. In ka karanta kawai ba ka saurara ba, ka ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba, kuma ka gina sakamako a kai. Shi ya sa na cire na'ura zalla daga lissafi, sai dai in neman inda aka ambaci wani batu kake yi a cikin dogon sauti.

A ƙarshe raba aikin na yi. Awa 6 na Turanci na ba na'ura na gyara, suka ci awa 12 maimakon 36. Awa 12 na Hausa na rubuta da hannu, awa 72. Jimla awa 84, kwana 21 maimakon 27. Don rage wahalar hannu na yi amfani da oTranscribe, shafi ne kyauta da ke haɗa sauti da wurin rubutu a fuska ɗaya: `Esc` na tsayarwa da kunnawa, `Ctrl+J` na saka alamar lokaci. Ka riƙa saka alamar nan duk minti biyu ko uku, ranar da sufabaiza ya ce nuna mini inda ya faɗi haka za ka gode wa kanka.

Abu ɗaya da na kusa mantawa: in za ka ɗora sauti a intanet, ka fitar da muryar mutum zuwa kwamfutar wani kamfani ke nan. Biyu daga cikin ma'aikatan bankin sun yarda da hira ne bisa sharaɗin ba wanda zai ji sai ni da malamina. Nasu a laftof ɗina na bar Whisper ta kwana tana yi, na kashe data.

Alƙaluman nan nawa ne, da saurin hannuna da hayaniyar kasuwata. Wanda ya ɗauki Hausarsa a ɗaki shiru, waya kusa da bakin mai magana, zai iya samun sakamakon da ya fi nawa. Kafin ka zaɓa, yanki minti 10 daga kowane irin sauti da kake da shi, ka rubuta guda da hannu, ka gyara wani da na'ura ta yi, ka riƙe agogo a duka biyun.