Takardar aiki a hannu, intabiyu a gaba: yadda ake neman ƙarin wa'adi

A ɗauka wata matashiya ce da ta karanta aikin akanta, ta gama bautar ƙasa tana neman aiki. Ranar Litinin wani kamfani a Kano ya aiko mata da takardar ɗauka ta imel, an ce ta sa hannu ta mayar kafin a tashi aiki ranar Juma'a. Ga shi kuma wata ƙungiya a Abuja, wadda ta fi kwanta mata a rai, ta sa mata intabiyun ƙarshe sai Talata mai zuwa. Kwana huɗu kacal ke tsakanin wa'adin da intabiyun, amma sun isa su hana mutum barci.

Kafin ta ce wa mutanen Kano uffan, Abuja ya kamata ta fara kira. Ta gaya musu cewa ta samu tayi a wani wuri mai wa'adin Juma'a, amma aikinsu take so, shin za a iya matso da intabiyun, kuma yaushe za su yanke hukunci? Tambaya ta biyun ta fi nauyi, domin ranar intabiyu daban, ranar fitowar takarda daban. Bayan an zauna da ita akwai tuntuɓar waɗanda za su ba da shaida a kanta, akwai sa hannun shugaba, kuma wannan kan ci kwanaki. Idan suka ce Alhamis za ta ji sakamako, yanzu ta san abin da za ta roƙa: mako guda, daga wannan Juma'a zuwa ta gaba.

Sai ta nemi manajan da zai ɗauke ta a Kano, ranar Talata ko Laraba. Kada ta bari sai Juma'a, lokacin da rabin ofis sun tafi masallaci, sauran kuma hankalinsu ya koma gida. Roƙon da ya zo a ƙurarren lokaci yakan sa a ga kamar da gangan ta yi ta ja musu rai. Waya ta fi, don murya tana nuna ladabi fiye da rubutu. Abin da za ta faɗa bai wuce wannan ba:

"Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai da wannan dama, kuma aikin ya yi mini. Akwai wani wuri da na riga na yi nisa da su kafin takardarku ta zo, za a kammala mako mai zuwa. Ina roƙon a ɗaga mini zuwa Juma'a ta sama, ranar zan ba da amsa ba tare da ƙarin jinkiri ba."

Ba dole ta ambaci sunan ƙungiyar ba. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a ƙirƙiro rashin lafiyar mahaifiya ko tafiyar gaggawa. Manajan ya san mai neman aiki ba ƙofa ɗaya yake ƙwanƙwasawa ba, kuma wanda za ka yi shekaru a ƙarƙashinsa bai kamata zamanku ya fara da ƙarya ba. Kada kuma ta cusa maganar ƙarin albashi a wannan kiran, don kada roƙon ya koma kamar barazana.

Me ya sa ambaton rana yake da tasiri? Saboda shi ma manajan yana da wanda ya zo na biyu a intabiyu, yana riƙe da shi bai sallame shi ba, kuma kowace rana ta wuce yana iya rasa shi. "Ku ɗan ba ni lokaci" ba ta gaya masa komai. "Juma'a ta sama" kuwa abu ne da zai iya kai wa ofishin kula da ma'aikata a lissafa.

In ya amince, ta bi da gajeren imel a ranar, ta rubuta sabon wa'adin, ta sa jami'in kula da ma'aikata a ciki, ta nemi a tabbatar. Takardar da ke hannunta tsohuwar rana ce a jikinta, kuma alkawarin baki ba ya goge ta. Nan ne mutane suke tashi ba tsuntsu ba tarko.

Akwai inda roƙon ba ya cika karɓuwa, kamar bankunan da ke ɗaukar sababbin ma'aikata rukuni guda, a tura su horo rana ɗaya. Wani manajan kuma zai ce Litinin kawai zai iya. To sai ta karɓi abin da aka ba ta, ta sake kiran Abuja da sabuwar ranar. Idan suka kasa matsowa, ta auna takardar da ke hannunta da aikin da har yanzu ba a ce nata ba ne, ta zaɓa. Wa'adin da ta roƙa da bakinta kuwa ba a neman ƙari a kansa sau biyu, don haka ranar Juma'ar dole amsarta ta isa gare su, ko ta karɓa ko ta ƙi, kafin a tashi aiki.