Takarda ɗaya ba ta isa shaida: yadda odita ke auna tsaron kuɗin kamfani

Idan odita ya zo binciken asusun kamfani a ƙarshen shekara, ba zai iya duba dubban takardun biya ɗaya bayan ɗaya ba. Dole ya yanke shawara: shin matakan tsaron da kamfanin ya kafa wa kuɗinsa sun cancanci a dogara da su, har a rage yawan abin da za a tono? Ayyuka biyu ke kai shi ga amsar, kuma sababbin shiga aikin sukan rikita su.

A ƙaddara kamfanin sarrafa shinkafa ne mai sayen shanshera daga dillalai. Dokarsa ita ce ba a biyan kowa sai akanta ya haɗa takardu uku: odar saye, takardar sito mai nuna buhunan da aka auna aka karɓa, da takardar neman biya ta dillali. Idan adadi da farashi sun dace, manajan kuɗi ya sa hannu.

Aikin farko shi ne bin sawu. Odita ya ɗauki ciniki guda, ya bi shi tun daga rubuta oda, zuwa bakin sikeli, zuwa teburin akanta, har kuɗin ya fita daga banki ya shiga littafin asusu. A kowane zango yana tambaya: wa ke cike wannan takarda? Idan buhuna suka gaza, me ake yi? Wa ke sa hannu in manaja ba ya nan? Yana kuma neman a nuna masa, don ya gani da idonsa. Abu biyu yake son tabbatarwa, kamar yadda ƙa'idar bincike ta duniya ISA 315 ta tanada: an tsara matakin yadda zai iya kama kuskure, kuma akwai shi a aikace. Idan ya tarar mutum ɗaya ne ke auna kaya kuma shi ke amincewa da biya, tsarin ya faɗi tun daga nan, gwaji ma ɓata lokaci ne.

Amma ganin maigadi a bakin ƙofa ranar Litinin ba ya nuna cewa yana nan kowane dare. A nan gwajin matakan tsaro ke shigowa, wanda ISA 330 ta yi bayaninsa. Tambayarsa daban ce: shin matakin ya yi aiki duk tsawon shekarar, ta hannun wanda ya dace? Ƙa'idar ta ce tambayar ma'aikata kaɗai ba ta wadatar. Sai odita ya zaɓi takardu daga watanni daban-daban, da kansa, ba waɗanda akanta ya miƙo masa ba. Ga matakin da ake maimaitawa kullum, masu bincike da yawa sukan ɗauki kamar 25. Kowace zai duba sa hannu da kwanan wata, sannan ya sake haɗa takardun uku da kansa, domin sa hannu na iya kasancewa alhali mai shi bai karanta komai ba.

To, a ce cikin 25 ɗin an samu biyu da aka biya babu takardar sito. Kashi 8 cikin ɗari ke nan, kuma samfurin 25 an gina shi ne bisa zaton ba za a samu saɓani ko ɗaya ba. Odita na ƙwarai ba zai musanya su da wasu takardun ba, kuma ba zai karɓi uzurin "mantuwa ce" ba. Zai bi dalili. Idan duka biyun a watan Nuwamba suka faru, lokacin kaka da motoci ke layi a bakin sito, alama ce cewa matakin yana karyewa daidai lokacin da kuɗi suka fi fita. Sai ya janye dogaro, ya koma tantance adadin kai tsaye: ya rubuta wa dillalai su tabbatar da abin da suka kawo da abin da aka biya su, ya kuma halarci ƙidayar buhuna.

Ko an ci gwajin, dogaron yana da iyaka. Idan matakin bai sauya ba, ana iya amfani da sakamakon bara, amma dole a sake gwada shi aƙalla sau ɗaya cikin kowane bincike uku. Inda haɗarin yake babba kuwa, a shekarar za a gwada.

Babban rauni shi ne shugabanni na iya tsallake matakan da suka kafa da kansu. A 2006 aka gano cewa an shafe shekaru ana kumbura alƙaluman asusun Cadbury Nigeria, kuma a 2008 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta hukunta wasu shugabanninsa tare da kamfanin da ke binciken asusun. Saboda irin wannan haɗari, ISA 330 ta wajabta tantance adadi kai tsaye a kan kowane muhimmin ɓangare na asusu, komai ƙarfin matakan tsaron da odita ya tarar.