Alam da Jan Ruwan Damina: Yadda Ake Gane Awon da Ya Dace

Da zarar damina ta kankama, kogunan Kaduna, Rima da Haɗeja kan koma jajaye saboda ƙasar da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Mazauna bakin kogi sun san cewa idan aka ajiye irin wannan ruwa a randa, yashi zai kwanta nan da nan, amma ruwan na iya kwana biyu bai washe ba. Abin da ke riƙe da shi ƙwayoyin yumɓu ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya ware su ɗaya-ɗaya.

Ma'aikatan gidan ruwa suna auna wannan duhun ne da ma'aunin NTU. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ba ta yarda ya wuce 5 ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fi son ya gaza 1 kafin a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan kogi a tsakiyar damina yakan kai ɗaruruwa. Illarsa ta wuce rashin kyan gani, domin ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a jikin lakar su fake, sai sinadarin kulorin ya kasa cim musu.

Me ya hana yumɓun kwanciya? Kowace ƙwaya tana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta, don haka ture juna suke yi, kamar yadda bakin maganaɗisu biyu masu kama ɗaya ke ƙin haɗuwa. Alam, wanda wasu ke kira alif, yana sakin caji kishiyar wannan idan ya narke, sai turewar ta mutu. Yana kuma haifar da wani farin abu mai danƙo da ke tattaro ƙwayoyin. Su dunƙule, su yi nauyi, su gangara gindin mazubi.

Matsalar a ƙauyuka da yawa ita ce awo. Sai a jefa dunƙulen alam a duro bisa kintace. Idan ya yi kaɗan, ruwan ba ya washewa. Idan ya yi yawa, cajin ya juye, ƙwayoyin su sake watsewa, ruwan ya yi hazo-hazo da ɗanɗanon bauri, an yi asarar kuɗi kuma.

Maganin wannan gwaji ne da kowane kwamitin ruwa zai iya yi. A narkar da giram 10 na alam a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kowace mililita a ciki na ɗauke da miligiram 10. A jera kwalabe biyar masu faɗin baki, kowace da lita ɗaya ta ruwan kogin da aka ɗebo a ranar. Da sirinji, a zuba mililita 2 a ta farko, sannan 4, 6, 8 da 10 a sauran. A gauraya da ƙarfi na minti ɗaya don alam ya ratsa ko'ina, sai a koma juyawa a hankali na kamar minti goma sha biyar. A nan mai garaje ke ɓata aiki, domin juyi mai ƙarfi yana farfasa dunƙulen da suka fara haɗuwa. A bar kwalaben rabin awa ba a taɓa ba.

A ce ta 2 da ta 4 sun kasance da duhu, ta 6 da ta 8 sun yi garau, ta 10 kuma ta yi fari-fari. Ta 6 za a ɗauka, mafi ƙarancin awon da ya yi aiki, wato miligiram 60 a kowace lita. Tankin gari mai lita 5,000 zai ci giram 300, jarka mai lita 25 kuma mililita 150 na narkakken. A sake gwajin bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi, domin kogin yau ba shi ne na jiya ba.

Idan duk kwalaben suka ƙi washewa, wataƙila ruwan ya yi tsami. Alam da kansa yana ƙara tsami, kuma ya fi aiki idan ma'aunin pH na tsakanin 6 da 7.5. Gidajen ruwa kan gyara wannan da 'yar farar ƙasa da aka auna.

Bayan laka ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama a hankali, a zubar da na gindi nesa da rijiya da kogi. Kada haskensa ya ruɗi kowa: alam yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya kashe su, na kwalara da taifot suna iya saura. Sai an tafasa ruwan, ko an sa kulorin an jira minti talatin, kafin a ba yaro ya sha.