Milimita uku da ke hana fosta lalacewa a maɗaba'a

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, maɗaba'u kan cika da ayyukan gaggawa, kuma a cikin wannan gaggawar ne ƙungiyoyin matasa ke karɓar fosta dubu biyu ko uku da farin zare a gefe, ko koren da ya dushe. Sau da yawa mabugi ake ɗora wa laifi, alhali aikin ya ɓaci tun daga fayil ɗin PDF da aka miƙa masa. Da zarar an ƙona faranti an kunna inji, babu sauran gyara sai a sake biyan kuɗi.

A ɗauki misalin fostar A3 mai kiran jama'a su je su karɓi katin zaɓe. Girmanta milimita 297 ne da 420. Ba a kan takarda mai wannan girman ake buga ta ba. Ana bugawa ne a kan babbar takarda, sannan a tara ɗaruruwa a sa wa wuƙar inji ta datse su lokaci guda. Wuƙar kan kauce da milimita ɗaya ko biyu, kuma idan launin bango ya tsaya daidai bakin fostar, wannan ɗan kaucewar ne ke bayyana a matsayin farin layi.

Maganinsa rarar gefe, wadda manhajoji ke kira Bleed. Ana ƙara milimita 3 a kowane ɓangare, fayil ɗin ya koma 303 da 426, sannan a ja hoto ko launin bango har ƙarshen wannan rara. A nan da yawa ke tuntuɓe: su saita rarar a manhaja amma su bar hoton inda yake, rarar ta fita fara fat. Wuƙar tana iya kaucewa ciki ma, don haka kwanan wata, lambar waya da sunan ƙungiya su nisanci bakin yanka da aƙalla milimita 5.

Alamomin yanka, wato Crop marks, gajerun layuka ne a kusurwoyi huɗu masu nuna wa mai yanka inda fostar ta ƙare. Manhajar ce za ta sanya su wajen fitar da fayil, ba a zana su da hannu, kuma ya kamata su tsaya a wajen rarar don kada su fito a jikin aikin. Wasu maɗaba'un ma ba sa son su, domin su ke jera shafukan da kansu. Tambaya ɗaya ta waya ta wadatar.

Batun launi ya fi wuyar sha'ani. Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake zubawa, CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Tawada ba ta iya kai wa hasken allo, musamman a kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi, wanda kan karkata zuwa shunayya. Ga ƙungiyar da jama'a suka san ta da launinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gara mai zane ya juya fayil ɗin zuwa CMYK da kansa, ya ga dushewar a gabansa ya gyara, bayan ya tambayi maɗaba'a ma'aunin launin da take aiki da shi, misali Coated FOGRA39 ga takarda mai sheƙi.

Sai dai juyawar na da nata tarkon. Baƙin RGB idan aka juya shi kan koma haɗin tawada huɗu, kusan C75 M68 Y67 K90. A kan ƙananan haruffa, faranti ɗaya ya ɗan goce, sai rubutun ya fito da inuwar ja ko shuɗi, yana wahalar karantawa. Ƙananan rubutu su kasance K100 kaɗai. Haka kuma jimillar tawada a wuri guda kada ta wuce kusan kashi 300 cikin ɗari, in ba haka ba takardar ba ta bushewa da wuri, tana shafa wa ta samanta.

A ƙarshe a fitar da fayil a tsarin PDF/X-1a, wanda ba ya karɓar RGB kuma yake cusa haruffan a ciki. Mai Acrobat Pro na iya buɗe Output Preview ya kashe baƙin faranti: idan rubutun ya ɓace gaba ɗaya, baƙinsa tsantsa ne, idan ya bar inuwa, da sauran aiki. Kafin a ba da izinin buga dubu biyu, a nemi kwafin gwaji guda a kan takarda, a duba shi a hasken rana, sannan a sa hannu.